Bickerton, Lefebvre ko Mufwene: wane ra'i za ka ɗora aikinka na fijin da kiriyol a kai?

Duk ɗalibin kimiyyar harshe da ya ɗauko maganar fijin da kiriyol a furojet ko a mastas sai ya zo wannan mararrabar, sufabaiza zai ce masa to wane ra'i ka ɗora aikin a kai, kuma yawanci sai yaro ya ɗauki wanda ya fi saukin samu a laburare ya manna shi a babi na biyu shikenan. To ni dai ina ganin zaɓin nan nahawun harshen da ke hannunka ne ya kamata ya yi maka shi, don kowane ra'i akwai inda yake cin kasuwarsa akwai kuma inda yake faɗuwa warwas.

Fijin dai shi ne harshen da ake haɗawa don biyan buƙata tsakanin mutanen da ba sa jin yaren juna, ba wanda aka haifa da shi, irin Barikancin da sojoji suka riƙa yi a barikoki zamanin Turawa. Kiriyol kuma cikakken harshe ne na al'umma wanda 'ya'ya ke tashi da shi, kamar na Haiti ko na Jamaika ko Kiriyo na Saliyo. Abin da ake rigima a kai shi ne, kalmomin mun san daga ina suka zo, daga Faransanci ko Ingilishi ko Fotugis ko Larabci, amma nahawun fa, wa ya kawo shi? Derek Bickerton ya ce yara ne, wai sun tashi sun tarar da iyayensu na yin wani fijin mara ƙa'ida sai ƙwaƙwalwarsu ta cike gurbin da nahawun da aka halicci ɗan Adam da shi, cikin zuriya ɗaya tak, wannan ya fito da shi sosai a 1981 da 1984. Claire Lefebvre ta ce a'a manya ne, bayin da aka kwaso sun riƙe nahawun harshensu na gida suka canja masa kalmomi kawai, ita ta gwada kiriyol ɗin Haiti da harshen Fon na Jamhuriyar Benin. Robert Chaudenson da Salikoko Mufwene kuma suka ce ku daina neman abin mamaki, harshen Turawan ne ya ci gaba da sauyawa a bakin mutane, kuma ba Faransancin littafi ba, na talakawa da matuƙan jirgin ruwa da 'yan ƙauye, kuma ma a wurare da yawa babu wata shaida cewa an taɓa yin fijin kafin kiriyol ɗin.

Akwai na huɗu tsohon yayi wanda ya ce duk daga fijin ɗin Fotugis ɗaya suka fito a gaɓar Afirka ta Yamma, hujjarsu irin kalmomin nan sabi da pikin da ake samu ko'ina. Wannan kar ka ɓata lokacinka a kai, kalma tana yawo a jirgin ruwa ba sai da nahawu ba, kuma Larabcin Juba da Nubi, fijin da kiriyol na Larabci a gabashin Afirka, sun isa su rufe maganar tunda ba su taɓa haɗa hanya da Fotugis ba.

Yanzu ga inda yawancin ɗalibai ke zamewa. Hujjar da kowa ke fara kawowa ita ce ƙananan kalmomin lokaci da ake sawa gaban aikatau. A Haiti ana cewa li te ap manje, wato yana cikin cin abinci a da, te na nuna abin ya shige, ap na nuna ana cikin yi. Mai bin Bickerton zai ce ka gani, tsarin halitta ne, shuɗewa sannan abin da bai tabbata ba sannan ci gaba, kuma a wannan jerin suke zuwa a kiriyol da yawa. Mai bin Lefebvre zai ce ai haka Fon ke yi, ita ma tana jera irin waɗannan gaban aikatau ba ta lanƙwasa shi. Mai bin Chaudenson zai yi dariya ya ce te daga été ko était ne, ap daga après, kuma a Faransancin wasu yankuna da na Kanada da Luwiziyana être après faire na nufin ana cikin yin abu, ba sabon abu ba ne. Kaga kenan mutum uku duk sun ci, wanda ke nufin hujjar ba ta raba gardama ba sam. Duk siffar da ra'ayoyin uku suka yi hasashenta tare ba ta da amfani a wajen zaɓi komai kyanta a takarda.

Abin da ke raba gardama shi ne ka samo kiriyol biyu da suka haɗa uban kalmomi ɗaya amma bayin da suka gina su ba ɗaya ba, sai ka duba me ya zauna daram me ya canja. Haiti da Morishiyos sun dace da wannan sosai. Dukansu Faransanci ne. Haiti a lokacin da gonakin rake ke tasowa, ƙarshen ƙarni na 17 zuwa farkon na 18, masu harsunan Gbe irin su Fon da Ewe na da yawa a cikin bayin. Morishiyos kuwa Faransawa sun fara zama a 1721, kuma galibin bayin daga Madagaska da gabashin Afirka da Indiya suka zo, an kai wasu daga Afirka ta Yamma da farko amma a ƙarshe ba su ne suka yi rinjaye ba.

To a Morishiyos ana cewa li ti pe manze. Kusan kwafi ne na Haiti, ti da pe daga tushe ɗaya da te da ap. In da Fon ce ta kawo wannan tsarin to me ya kai shi tekun Indiya? Nan Lefebvre ta rasa maki, Chaudenson ya samu. Haka ma la ɗin nan da ke zuwa bayan suna, liv la a Haiti wato littafin, wanda ake yawan cewa daga Fon ne don ita ma a baya take sa nata, to a Morishiyos ma lakaz la ake cewa, gidan, kuma Bafaranshe da bakinsa yana cewa ce livre-là. Ba wai Fon ba ta taimaka ba, tana iya ƙarfafa abin da ta tarar, amma ba za ka iya tsayawa gaban estanal ka ce wannan ya tabbatar ba.

Amma juya ga jam'i ka ga yadda labari ke canjawa. Haiti na cewa liv yo, littattafan, kuma yo ɗin nan shi ne dai wakilin suna su. Morishiyos kuwa bann liv take cewa, a gaba, daga bande wato gungu. Faransanci bai yin jam'i da eux, wato su, a bayan suna, amma Ewe na yi, wo ɗinta shi ne su kuma shi ne alamar jam'i a bayan suna, kuma ga dem a Jamaika da burokin ɗin Najeriya yana wannan aikin duk da kalmominsu na Ingilishi ne. Wato siffar tana bin inda mutanen Afirka ta Yamma suka je, ba ta bin harshen Baturen. Sai dai wani ɗan abin dariya, a Fon ɗin kanta alamar jam'i da wakilin suna ba kalma ɗaya ba ce, to kaga ko a nan ɗin harshe ɗaya tilo da Lefebvre ta riƙe bai isa ba sai an haɗa da 'yan uwansa. Haka maganar jerin aikatau da kalmar bayarwa, a Haiti li achte liv la ban mwen, ya sayi littafin ya ba ni, ma'ana ya saya mini, daidai da Yarabanci ó rà á fún mi inda fún ke nufin bayarwa, daidai da buy am give me na burokin. Morishiyos abin da ta saba shi ne pou daga pour. Harsunan Bantu da Malagasi ba su san wannan salon ba. In da ƙwaƙwalwar yaro ce ke haifar da shi kamar yadda Bickerton ya so, da an gan shi ko'ina daidai wa daida, in da Faransanci ne da an gan shi a Faransa.

Wani gargaɗi da ya shafe mu kai tsaye. A Haiti in mutum ya kashe kansa ana cewa li touye tèt li, tèt kuwa kai ne, wato sak da Hausa. Bahaushe na gani zai ce ai namu ne. To ba haka ba ne, Hausawa ba su cikin waɗanda suka yi yawa a can lokacin da harshen ke kafuwa, kuma amfani da kai ko jiki ko rai don nuna mutum ya yi wa kansa abu ya cika harsunan duniya, Larabci ma da nafs yake yi. Kama kawai ba hujja ba ce, sai ka nuna masu harshen suna wurin, da yawa, kuma a kan lokaci. Wannan na a kan lokaci ɗin shi ake yawan mantawa, don a Haiti daga baya mutanen Kongo sun zo sun fi kowa yawa, amma sun tarar an riga an kafa harshe, sai dai su koya.

In kana son misali ɗaya da zai nuna maka ƙarfin ra'in harsunan gida irin na Lefebvre da kuma iyakarsa a lokaci guda to ka ɗauki kiriyol ɗin Holanci na Berbice a Guyana, wanda ya mutu yanzu amma Silvia Kouwenberg ta rubuta nahawunsa a 1994 tun akwai tsofaffin da ke jinsa. Abin da ya sa ya fi Haiti daɗin aiki shi ne kusan harshen Afirka ɗaya ne a ƙarƙashinsa, Ijo na gabas, wato Kalabari da danginsa na Jihar Ribas ta nan gida, Norval Smith da Ian Robertson da Kay Williamson suka nuna haka a 1987. Ba sai ka yi ta zaɓen wannan siffa daga Yarabanci waccan daga Akan waccan daga Mandinka ba, abin da Bickerton ya riƙa yi wa masu wannan ra'in ba'a da shi kuma yana da gaskiya, in ka ba ni harsuna ɗari ai ba siffar da ba zan samo mata uwa ba. A Berbice ruwa mingi ne, gida wari, ido toro, duk Ijo. Ya wuce kalmomi ma, ɗafa-ƙeyar -tɛ mai nuna aiki ya kammala daga Ijo take, -apu ta jam'i daga Ijo, ka ɗin korewa da ke zuwa can ƙarshen jimla daga Ijo, sannan a cikin gida sai a ce wari ben, wato ben ɗin daga binnen na Holanci amma an kai shi bayan suna kamar yadda Ijo ke yi. Wannan ba abin da za a ce Holanci ne ko ƙwaƙwalwar jariri, an kama ɓarawo da kaya a hannu.

Amma kuma ga inda abin ya ɗaure kai. Ijo na sa karɓau kafin aikatau, kamar ka ce Audu tuwo ya ci. Holanci ma a jimlar da ke rataye da kuma duk inda akwai mataimakin aikatau yana kai babban aikatau ƙarshe. To iyaye biyu duk suna da karɓau a gaba, amma ɗan da suka haifa aikau, aikatau, karɓau yake jerawa kamar Hausa. In da gaske canja kalmomi kawai aka yi nahawu ya zauna yadda yake, da dole Berbice ta riƙe jerin Ijo. Ba ta riƙe ba. Ana iya cewa gajerun jimlolin Holanci da ake yi wa bawa magana da su aikatau na zuwa na biyu ne, shi suka ji suka ɗauka, ana iya cewa kuma wannan jerin ya fi sauƙi ga baligi mai koyo in babu alamar da ke bambanta mai yi da wanda aka yi wa. Ko wanne ne dai, ra'in Lefebvre a tsantsarsa bai tsira a nan ba.

Shi kuma Bickerton a gidansa aka ci shi, wato Hawai inda ya gina ra'in. An kawo leburorin rake daga Sin tun 1852, daga Fotugal 1878, daga Japan da yawa daga 1885, daga Filifin 1906. Ya ce 'ya'yan waɗannan ne suka ƙirƙiri kiriyol ɗin farat ɗaya don ba su da wani harshen kirki da za su koya. Sai Sarah Roberts ta shiga tsofaffin jaridu da takardun kotu da rubuce-rubucen 'yan makaranta, ta tarar yaran farko da aka haifa a can suna jin harsunan iyayensu sarai, Kantonis ko Fotugis ko Hawayanci, kuma siffofin kiriyol ɗin ba rana ɗaya suka fito ba, sai a zuriya ta biyu abin ya zauna. Jeff Siegel kuma ya nuna yadda stei ɗin da ke nuna ana cikin aiki ya yi kama da estar na Fotugis. Haka a Suriname, Turawan Ingila suka kafa wurin wajen 1651, Holan ta karɓe a 1667, kuma muna da rubutun Sranan, kiriyol ɗin can, tun 1718, Jacques Arends ya bi su ya ga kalmomin da ke aikin ne da ce sun ɗauki shekaru da yawa suna daidaituwa, a ƙasar da haihuwa ta yi ƙaranci ana ta sauke sababbin manya daga jirgi. Kuma wani abu da ke ba ni haushi da ra'in, tun farko ya sa sharaɗi cewa kiriyol na gaskiya sai wanda masu harshen mulki ba su wuce kashi 20 cikin ɗari ba kuma fijin ɗin bai wuce zuriya ɗaya ba, kaga duk wanda zai ƙaryata shi an riga an kore shi daga fili. Ba wai yara ba sa komai ba fa, maganar kurame ta Nikaraguwa da ta taso bayan buɗe makaranta a Managuwa a 1977 ta nuna yara na iya gina nahawu, kuma Gillian Sankoff ta ga yaran Tok Pisin suna gajarta abubuwa suna daidaita su. Amma daidaitawa daban, ƙirƙira daga babu daban.

Tok Pisin ɗin ma na Papuwa Niyu Gini ya isa misali. Mu a Hausa mu ɗaya gare mu, Ingilishi ma we ɗaya, amma su suna da yumi in har da kai da nake wa magana, mipela in ban da kai, sannan yumitupela da mitupela na mutum biyu, har na mutum uku akwai. Kayan ginin duk na Ingilishi ne amma tsarin na harsunan tsibiran ne irin su Tolai, kuma manya ne suka gina shi a gonakin Kwinsland da Samowa tun kafin a haifi wanda zai tashi da harshen. Irin wannan siffar ake nema, mai wahala, wadda ba kowane harshe ke da ita ba, don abu mai sauƙi kowa na iya faɗawa kansa da kansa.

To sauƙin da ake gani a kiriyol fa, rashin jinsi da rashin lanƙwasa aikatau, wa ke da shi? Nan ina ganin ba ɗaya daga cikin ukun, koyon harshe da girma ne kawai. Larabcin Juba da Nubi sun taso ne a sansanonin 'yan kasuwa da sojoji a kudancin Sudan a ƙarni na 19, Lugard ɗin nan namu shi ya ɗebi wasu daga cikin sojojin a 1891 ya kai su Yuganda, zuriyarsu na Bombo da Kibera ta Nairobi har yau, wani reshen kuma mai suna Turku ya bi rundunar Rabe zuwa yankin Cadi. Larabci duk da tarin lanƙwasarsa sai ga shi ana cewa ana gi rowa, ita gi rowa, uo gi rowa, aikatau bai motsa ba ko mace ce ko namiji. Kalmomin lokacin kuwa, kan da bi da gi, duk daga Larabcin Sudan suke, kaan da bi da gaa'id. Kuma ba sai ka je Juba ba, duk wanda ya ji wanda ya koyi Hausa da girma yana cewa matata ya zo ya san abin da ke fara zubewa, Hausar Gana ma ta yar da jinsi. Shi ya sa muhawarar John McWhorter da Michel DeGraff, ko kiriyol wani jinsin harshe ne na daban da za a gane shi da nahawu kawai ko kuwa harshe ne kamar kowa, ba na ba ɗalibin digirin farko shawarar ya shige ta, don ta rataya ne kan yadda ake auna sauƙi, kuma Saramakan na Suriname da karin sautinsa da kp da gb ɗinsa da kalmomin tambaya irin andí da ambɛ daga Fon zai rikita maka lissafi.

Saboda haka in harshenka na da tushen Afirka ko na tsibiri sananne guda ɗaya ko biyu, kuma kana da tarihin su waye suka zo yaushe, ɗauki ra'in harsunan gida amma sassauƙansa irin na Siegel, wanda ke cewa siffa na tsallakawa ne in ta sami kalma a harshen mulki da za ta hau kai, kar ka ɗauki na cewa komai da komai kwafi ne. In kuwa harshenka irin na Reyuniyon ne inda Turawa da bayi suka daɗe a ƙananan gonaki tare kafin manyan gonaki su zo, ko kana da damar samun tsofaffin karin harshen Turawan, to Chaudenson da Mufwene ne naka, sai dai ka sani matsalar Mufwene ita ce tunda ya ce siffofi daga kowane ɓangare ke zuwa su yi gasa, da wuya a sami abin da zai ƙaryata shi, dole kai ka faɗi tun farko wace siffa kake sa ran za ta ci kuma don me. Bickerton ka kawo shi a bitar ayyuka ka ba shi haƙƙinsa, shi ya tada kowa daga barci, amma kar ka ɗora aiki a kansa.

In burokin ɗin Najeriya za ka yi, wanda shi yawancinmu ke ɗauka, akwai tarko ɗaya. Kafin ka ce kalmomin burokin irin su don ko dey ko na daga Yarabanci ko Edo ko Ibo suke, duba Kiriyo na Saliyo, don duk suna can, kuma mutanen Saliyo sun zo Legas da Kalaba da sauran garuruwan gaɓa a ƙarni na 19 a matsayin malaman mishan da akawu da 'yan kasuwa, to wani abin gadonsa aka yi a shirye ba a nan aka ƙera shi ba. Kundin APiCS na 2013, na siffofin fijin da kiriyol na duniya, yana nan kyauta a intanet, harsuna 76 da siffofi 130 kowace da taswirarta, buɗe siffar da kake so ka ga ko tana bin harshen Baturen ko tana bin yankin da mutanen suka fito. Sannan in za ka naɗi murya ka rubuta garin mutum da harshensa na farko da shekarun da ya fara burokin, don na ɗan Warri da ya tashi da shi da na ɗan Sabon Garin Kano da ya koya a kasuwa ba za su ba ka amsa ɗaya ba, in ka zuba su a tebur ɗaya babi na huɗu zai fito maka da abin da ba na kowa ba.